Kafaɗar Inna ta sandare: a jira, a yi allura, ko a kai ta wurin maɗori?

Maman Abdul: Assalamu alaikum ƴan zaure, ina wuninmu. Shawara nake nema a kan mahaifiyarmu. Shekararta 54, tana da ciwon sukari tun da daɗewa. Wata huɗu ke nan kafaɗarta ta hagu tana ciwo. Ba faɗuwa ta yi ba, ba kuma wani ya buge ta ba, haka kawai abin ya taso. Da farko mun ɗora laifin a kan aikin ƙuli-ƙuli, tuƙa tunkuza da matsar mai, sai muka hana ta. Ba a ga sauƙi ba. Yanzu dare ne babbar matsalar: in ta juya ta kwanta ta gefen, da salati take farkawa. Kallabi sai ƙanwata ta ɗaura mata, tsarki ma da wahala take kai hannun. Jiya jikanta ya taho da gudu zai faɗi, ta miƙa hannu ta tare shi, sai da ta durƙusa tana hawaye. Mun je likita, an yi radiyo, wato hoton ƙashi, an ce ƙashi lafiya lau, aka ce kafsulit ne, wato sandarewar kafaɗa, a je wurin kine, mai gyaran gaɓoɓi ta hanyar motsa jiki. Kawunmu kuma ya dage a kai ta ƙauye wurin wani maɗori ya ja hannun ya saki. Don Allah wanda ya san ciwon nan ya taimaka mana.

Hajiya Rabi: Wa alaikumus salam ɗiyata. Allah ya ba Inna lahiya. Wannan sanyi ne ba wani abu ba. Ta bar wanka da ruwan sanyi, a riƙa gasa wurin da ruwan zahi, a shafa man shanu da citta. In da hali a kira wanzami ya yi mata ƙaho.

Alhaji Sani Ɗan Gulbi: Maman Abdul, kwantar da hankalinki. Ni nan na yi shi, kafaɗar dama. Na sha magani har na gaji, na je Katsina, na dawo. A ƙarshe wani likita ya ce mani, Alhaji, ciwon nan shi ke warkar da kansa, ka yi haƙuri kawai. Haka ko aka yi. Wajen shekara biyu ya tahi abinshi. Kada ku ɓata kuɗinku.

Maman Abdul: Shekara biyu, Baba Alhaji? Matar da ba ta barci? Ai kafin nan ta ƙare.

Malam Isuhu Kine: Sannunku. Maman Abdul, bayaninki ya yi kama da ciwon ƙwarai, musamman abin da kika faɗa na tare yaro. Zafin nan da ke tsinka mutum in ya kai hannu ba shiri, ya ɗauki ɗan lokaci kafin ya lafa, masu wannan ciwon kusan duk suna ba da labarinsa. Amma kafin a yi maganar magani, ina so ku yi wani ɗan gwaji a gida, don ba kowace kafaɗa mai ciwo ce wannan ba.

Ki zaunar da Inna a kujera. Ta manna gwiwar hannunta da haƙarƙarinta, ta lanƙwasa hannun yadda yatsun za su kalli gaba, babban yatsa sama. Ta saki jiki, kada ta taimaka miki. Ke ki riƙe gwiwar da hannu ɗaya don kada ta rabu da jiki, da ɗaya hannun ki tura tsintsiyar hannunta waje a hankali. Ki fara da hannun dama mai lafiya ki ga inda ya kai, sannan ki yi na hagu. Ki gaya mana bambancin.

Abin da ke faruwa a ciki shi ne: kan ƙashin dantse yana zaune cikin wata ƴar jaka mai laushi da ta lulluɓe gaɓar. In lafiya, jakar sakwa-sakwa take, shi ya sa hannu ke juyawa ko'ina. A wannan ciwon sai ta kumbura, sannan ta yi kauri ta tsuke, irin yadda fata ke yi in ta jiƙe aka bar ta a rana. Ƙashi bai goce ba, jijiya ba ta tsinke ba, shi ya sa radiyo ba ya nuna komai. Kuma shi ya sa ko wani ne ya ɗaga mata hannun, ba zai wuce inda jakar ta tsaida shi ba.

Habu Kabu-kabu: Malam, wallahi nawa ke nan. Sati uku da suka wuce na faɗi da moto a hanyar Tibiri, na dafa ƙasa da hannu. Tun ranar ba na iya ɗaga shi sama, sai na tallafe da ɗayan. Ashe kafsulit ne. To ni ma in jira shekara biyun?

Malam Isuhu Kine: A'a ƙanena, kada ka sa kanka a layin Inna. Shekararka nawa? Kuma in ka tallafe shi da ɗaya hannun, yana hawa har sama?

Habu Kabu-kabu: 27. Yana hawa, da ɗan zafi. In na sake shi ne yake faɗowa.

Malam Isuhu Kine: To ka ga bambancin. Kai gaɓarka a buɗe take, ƙarfin ɗagawa ne babu. Wannan ya fi kama da yagewar jijiyoyin da ke riƙe kan kafaɗa, ko ɗan karaya a inda suke manne, ko jijiyar laka da ta bugu. Naka ba na jira ba ne, don jijiyar da ta yage a faɗuwa ta fi ɗinkuwa da wuri. Ka je a yi maka radiyo cikin satin nan, in da hali da eko, ka ga likitan ƙashi. Ciwon Inna ya fi kama masu shekara 40 zuwa 60, mata sun ɗan fi maza, kuma galibi ba tare da faɗuwa ba.

Maman Abdul: Malam, mun yi gwajin bayan sallar isha'i. Na dama ya buɗe sosai. Na hagu da ƙyar ya motsa kamar faɗin yatsa uku, sai ya tsaya cak, ta ce in bari. Da na so in ɗaga hannun gaba kuma, bai kai daidai kafaɗa ba sai na ga duk kafaɗar tana tashi tare da wuyanta.

Malam Isuhu Kine: Madalla, kin lura da kyau. Rashin juyawa waje ko da wani ne ke juya shi, ga radiyo mai kyau, waɗannan biyun su ne ke tabbatar da ciwon. Tashin kafaɗar da kika gani, allon kafaɗa ne ke ƙoƙarin yin aikin da gaɓar ta kasa.

Yanzu maganar matakai, don a nan ne mutane ke ruɗewa. Yawanci ana faɗin uku. Na farko zafi ne ke mulki, musamman da dare, motsi yana raguwa kaɗan-kaɗan. Yakan ɗauki wata biyu zuwa tara. Na biyu zafin yana lafawa, mutum ya fara samun barci, amma hannun ya sandare: ba ya kaiwa ƙeya, ba ya kaiwa baya. Wannan wata huɗu zuwa shekara. Na uku kuma sakewa, a hankali ƙwarai, daga wata shida har shekara biyu. Inna tana na farko, sandarewar ta fara shigowa. Dalilin da ya sa nake damuwa da matakin shi ne, abin da ke taimako a na biyu yana iya ɓata na farko. Jakar da ke kumbure in ka ja ta da ƙarfi, kumburin kake ƙarawa.

Alhaji Sani Ɗan Gulbi: To ai maganata ke nan, Malam. Kai ma ka lissafa ya kai shekara biyu. Haƙuri dai.

Dokta Nafisa: Barkanku da dare. Ina biye da ku daga Yamai, yanzu na fito daga aiki. Baba Alhaji, gafarta mani in yi maka tambaya. Yanzu in ka kai hannun dama bayanka, yana hawa har inda na hagu yake kaiwa?

Alhaji Sani Ɗan Gulbi: Bari in gwada. To, gaskiya bai kai ba. Na hagu yana taɓa tsakiyar baya, na dama iyakarshi bisa ƙugu kaɗan. Amma ba ya mani ciwo, ban ma taɓa kula ba.

Dokta Nafisa: Abin da nake so a gani ke nan. Maganar "yana warkewa da kansa" tana da gaskiya, amma an cika ta da yawa. An bi masu ciwon nan a Birtaniya sama da shekara huɗu bayan farawarsa, aka buga sakamakon a 2008: kusan shida cikin goma sun koma daidai ko dab da daidai, huɗu cikin goma kuwa suna da sauran wani abu. Akasarinsu ɗan kaɗan ne irin na Baba Alhaji, wanda mutum zai rayu da shi bai damu ba, amma akwai ƴan tsiraru da suka ci gaba da shan wahala sosai. Kuma masu sukari suna cikin waɗanda ciwon ya fi daɗewa a jikinsu, ya fi kuma barin saura. Don haka ba zan ce wa Inna ta zauna ta naɗe hannu ba.

Malam Isuhu, da girmamawa, ni matakai ukun nan ma ina ɗan ja da su. Tsarin ya samo asali ne daga wani ɗan ƙaramin bincike na 1975, mutanen da aka bi ba su kai hamsin ba. Da aka koma aka tattara binciken da ake da su a 2017, ba a sami hujja mai ƙarfi cewa ciwon yana bin matakan ɗaya bayan ɗaya har ya warke sarai ba tare da magani ba. Abin da aka fi gani shi ne yawancin sauƙin yana zuwa da wuri, daga baya sai ya yi ta jan ƙafa. Ni dai tambaya ɗaya nake yi wa mara lafiya: zafi ya fi damunki ko sandarewa?

Malam Isuhu Kine: Dokta, ban ƙi taki ba. Watannin nan ba doka ba ce, na ga wanda zafinsa ya wuce shekara, na ga wanda wata uku ya lafa. Amma a ɗakin aiki ina ganin canjin da idona: mutum ya shigo wata rana ya ce jiya na yi barci har asuba, daga ranar sai ka ga kafaɗar ta fara karɓar miƙewa. Kuma mutanenmu in ba ka ba su taswirar tafiyar ba, wata na uku za su bar ka su tafi wurin mai ja. Matakan suna taimaka mani in ce masu ga inda kuke, ga abin da ke gaba.

Dokta Nafisa: Wannan na yarda. Abin da nake tsoro kawai kada taswirar ta zama alƙawari.

Hajiya Rabi: Ku likitoci kun cika gardama. Mi za a yi wa baiwar Allah ta yi kwana, shi muke son ji.

Dokta Nafisa: Hajiya, kin yi gaskiya. A matakin da Inna take, abin da ya fi kowane samun goyon bayan bincike shi ne allurar kortizon, maganin rage kumburi, a cikin gaɓar kanta, ba a ɗuwawu ba, ba a jijiya ba. Sau ɗaya ake yi, galibi miligiram 40 na tiriyamsinolon ko makamancinsa, haɗe da ɗan maganin kashe zafi. A 2020 an tattara bincike sama da sittin da aka yi kan magungunan ciwon nan, allurar ce ta fito fili wajen rage zafi da kyautata aikin hannu a makonnin farko, kuma amfaninta yana ƙaruwa in an haɗa da motsa hannu a gida. Iyakarta kuma a faɗe ta: in aka kai shekara, wanda aka yi wa da wanda ba a yi wa ba sukan zo kusan wuri ɗaya. Ba ta yanke ciwon daga tushe. Abin da take yi shi ne ta rage wa mutum watannin rashin barci, ta ba shi damar motsa hannun. Kuma tun da sauran kumburi take aiki. In an bari hannun ya gama sandarewa, zafi ya tafi, amfaninta ya ragu.

Manjo Laminu: Dokta, a nan fa zan tsaya. Matar nan diyabet gare ta. Kortizon da diyabet ba sa haɗuwa, kowa ya sani. Mun sha ganin wanda aka kawo sukari ya hau sama saboda deksa, ƙwayar nan ta kortizon. Ni a ganina a bar ta kan diklofenak safe da yamma da bitamin B, ya fi kwanciyar hankali.

Dokta Nafisa: Manjo, tsoronka yana kan hanya, amma akwai bambanci tsakanin allura ɗaya a gaɓa da ƙwayar deksa da mutum ke sha kullum wata da watanni. Gaskiya ne allurar tana ɗaga sukari. Yana hawa a kwana ɗaya zuwa uku na farko, yawanci ya sauko cikin mako guda ko ɗan fiye. Shi ya sa ake sa sharaɗi: a fara auna sukarin, in da hali har da gwajin nan da ke nuna yadda sukarin ya kasance cikin wata uku. In a sama yake sosai, a fara gyara shi, allura ta jira. In yana da dama-dama, a yi, sannan a riƙa aunawa safe da yamma tsawon mako, kuma likitan da ke bin sukarinta ya san da maganar. Kada a yi ta in akwai ƙurji ko miki kusa da wurin, ko zazzaɓi. Kuma likitan da ya saba shiga gaɓa ne zai yi, da tsabta cikakkiya, don ƙwayar cuta in ta shiga gaɓar mai sukari ba ƙaramin tashin hankali ba ne.

Diklofenak ɗin da kake gani mai sauƙi, shi ne ya fi ba ni tsoro a mace mai shekara 54 da tsohon sukari. Safe da yamma wata uku, ƙoda ce ke biya, ga gyambon ciki, ga tansiyo. Kwana kaɗan in ƙodarta lafiya, to. Amma ba na watanni ba. Bitamin B kuwa ba shi da abin da zai yi wa jakar da ta tsuke.

Manjo Laminu: Maganar ƙoda na karɓa. Amma ni dai a ƙauye inda babu abin auna sukari a gida, ba zan ba da shawarar allurar nan ba.

Dokta Nafisa: A wannan yanayin ni ma zan yi jinkiri. Maman Abdul, kuna da na'urar aunawa?

Maman Abdul: Muna da ita, yayanmu ya aiko. Da safe kafin ta ci komai yakan nuna 1,60 zuwa 1,90. Sannan tunda kun ambaci deksa, bari in faɗa. Wata maƙwabciya ta kawo mata wasu ƙwayoyi daga wurin masu tallar magani, an ƙulla a leda, fari da ja da rawaya. Ta ce in ta sha tana samun barci. Kwana goma ke nan tana sha.

Dokta Nafisa: To ga inda za a fara. Irin ƙullin nan sau da yawa akwai deksa a ciki, da diklofenak, wani lokaci har da tiramol. Mai yiwuwa shi ne ma ke ɗaga mata sukarin. Ki ɗauki ledar gaba ɗaya ki kai wa likitanta gobe, ya duba ya faɗa maku yadda za a daina, don kortizon in an ɗan jima ana sha ba a cika son a yanke shi kai tsaye ba tare da an duba ba. Ko a bincike, ƙwayar kortizon ta sha an gwada ta a kan wannan ciwon, mako uku ana ba mutane: sun ji sauƙi da farko, bayan mako shida amfanin ya ɓace. Ga illa ga duk jiki. Kafin nan, farasitamol giram ɗaya, sau uku a yini, ba ya taɓa sukari. Adadin da kika faɗa ya yi sama, likita zai so ya sauko da shi kafin a yi maganar allura.

Maman Abdul: In sha Allah gobe da sassafe. To maganar Kawu fa? Shi ya ce maɗorin ya taɓa jan hannun wani mutum, aka ji ƙas, washegari mutumin ya ɗaga hannu.

Malam Isuhu Kine: Labarin zai iya zama gaskiya, shi ya sa yake da haɗari. Ƙarar da aka ji jakar ce ta yage. A asibiti ma ana yin irin wannan, amma sai an sa mutum barci, naman jiki ya saki gaba ɗaya, likita ya riƙe dantsen kusa da kafaɗa, ya bi kusurwa ɗaya bayan ɗaya, sannan kine ya karɓa nan da nan don kada ta sake tsukewa. Duk da haka akan sami karaya jefi-jefi. Yanzu ki ɗauki mace da ta wuce hamsin, ƙashi ya fara laushi, idonta biyu, tana ƙanƙame jiki don zafi, ƙato ya kama tsintsiyar hannu ya fizga. Wanda ya fi rauni tsakanin jakar da ƙashin shi zai ba da kai. Na taɓa karɓar wata dattijuwa daga wajen Madarunfa da aka yi wa haka. Ta tafi da sandararriyar kafaɗa, ta dawo da karyayyen dantse, aka ɗaure hannun makonni, kafaɗar ta ƙara ƙulluwa fiye da da. Ki faɗa wa Kawu cikin ladabi cewa ba gocewa ba ce, babu abin da za a mayar.

Kuma ba maɗori kaɗai ba, mu ma kine muna da masu wannan hali, a danne mutum yana ihu a ce sai an sha wuya. An gwada wannan a Holan, aka buga a 2004. Kashi ɗaya an yi masu miƙewa mai tsanani har wuce iyakar zafi, kashi ɗaya an yi masu bayani an ce su motsa hannu iyakar inda ba ya ciwo. Bayan shekara biyu, kusan tara cikin goma na masu bi a hankali sun koma daidai, masu tsanani kuwa wajen shida cikin goma.

Dokta Nafisa: Sai dai a ƙara da cewa mutum 77 ne kawai, kuma ba da ƙuri'a aka raba su ba, don haka ba hujja ce ta ƙarshe ba. Amma ta yi daidai da abin da ake gani.

Hajiya Rabi: To ruwan zahin nawa fa, shi ma kun soke?

Malam Isuhu Kine: Hajiya, naki yana nan. Gashi da tsumma mai ɗumi minti goma kafin motsa hannu yana sa jiki ya saki. A dai gwada ɗumin da hannun mai lafiya tukuna, don masu sukari wani lokaci ba sa jin ƙuna da wuri. Shafa mai a hankali ba laifi. Ƙaho da tsaga ne ban yarda ba: ciwon yana can ƙarƙashin nama inda ƙaho ba ya kaiwa, kuma miki a jikin mai sukari ba ya saurin warkewa.

Maman Abdul, ga abin da Inna za ta riƙa yi yanzu, kafin ku zo wurin kine. Ta dafa tebur ko bakin gado da hannun dama, ta sunkuya, ta saki na hagu yana lilo, gaba da baya, sannan ƴan zagaye ƙanana. Jiki ne ke kaɗa hannun, ba ƙarfin kafaɗa ba. Bayan haka ta zauna gaban tebur, ta ɗora tafin hannu kan tsumma, ta zame shi gaba har ta ji ya fara ja, ta tsaya ta ƙirga goma, ta dawo. Na ƙarshe, ta kwanta rigingine, gwiwar hannu manne da jiki, ta riƙe muciya ko sanda da hannu biyu, na dama ya tura na hagu waje kaɗan. Kowanne sau biyar zuwa goma. Gara ta yi minti biyar sau uku ko huɗu a yini, misali bayan salloli, da ta yi rabin awa a zama ɗaya.

Ma'aunin shi ne daren da ya biyo baya. In ta ji ja ko ɗan zafi lokacin yi, ya lafa cikin awa guda, daidai ne. In daren ya fi na jiya muni, an wuce gona da iri, gobe a rage. Wajen kwanciya, ta kwanta rigingine da matashi ƙarƙashin dantsen, ko ta gefen dama ta rungume matashi. Riga kuma hannun ciwo ke fara shiga, shi ke fita a ƙarshe. Kada ku rataye mata hannun a wuya da ƙyalle, kuma kada ku hana ta duk wani aiki. Tsinar gyaɗa, tankaɗe a zaune, duk abin da hannu zai yi ƙasa da kafaɗa, ku bar ta ta yi. Tuƙin tunkuza ne zai jira. Ranar da barci ya dawo, sai mu ƙara: hawa bango da yatsu, jan tawul ta baya, riƙe miƙewa ya kai daƙiƙa talatin.

Alhaji Sani Ɗan Gulbi: Ni da na je Katsina an yi mani maganar aiki, wai a shiga da na'ura a yanke jakar. Na ce a'a. Ke nan na yi kuskure?

Dokta Nafisa: Ba lalle ba, Baba Alhaji. Babban gwajin da aka yi kan wannan a Birtaniya ne, mujallar Lancet ta buga shi a 2020. Mutum 503 da aka tura asibiti saboda ciwon, aka raba su uku: wasu allura da kine, wasu jan kafaɗa cikin barci, wasu aikin yanke jakar. Bayan shekara guda duka ukun sun samu sauƙi sosai, kuma babu wanda ya fi wani da tazarar da za a ce ta taka kara ta karya. Masu aikin yanka su suka fi samun matsala mai tsanani, kuma ya fi tsada. Sai dai a cikin masu allura da kine an fi samun waɗanda daga baya suka buƙaci a ƙara masu wani abu. Ni abin da na ɗauka daga ciki: a fara da mai sauƙin, a ajiye barci da wuƙa ga wanda ya yi wata shida zuwa shekara yana bin magani yadda ya kamata amma hannun ya ƙi, har ya hana shi sana'a. Akwai kuma wata hanya ta cika jakar da ruwan gishiri ta allura don ta buɗe. Tana ba da sauƙi na ɗan lokaci, amma har yanzu ana gardama ko ta fi allurar kortizon ita kaɗai, tunda galibi tare ake zuba su.

Manjo Laminu: Abu ɗaya zan ƙara don masu karatu a ɓoye. Kada kowa ya ji wannan ya ce kafaɗarsa kafsulit ce ya zauna gida. In akwai zazzaɓi, ko wurin ya kumbura ya yi zafi, ko rama, ko tsohon tari, ko ƙullutu a nono, a je likita. Matashi mai sikila da kafaɗa ta riƙe shi ma radiyo yake buƙata, don kan ƙashin ne kan lalace. Ciwon kafaɗar hagu da ya zo farat ɗaya da nauyin ƙirji da zufa kuwa, wannan zuciya ce, ba a kwana da shi.

Maman Abdul: Mun dawo daga likita. Ya buɗe ledar, ya ce akwai deksa a ciki, ya tsara mana yadda za a janye. Ya ƙara mata maganin sukari, ya rubuta gwajin ƙoda da na wata uku. Ya ce mu dawo bayan sati biyu, in sukarin ya sauka zai tura mu wurin mai allurar. Inna dai ta ce ita allura a cikin gaɓa ba ta yarda ba, tana tsoron hannun ya shanye. Kawu kuma ya yi fushi, ya ce mun raina na gargajiya.

Malam Isuhu Kine: Allurar ba ta shanye hannu, amma in ta ƙi ba a tilasta ta. Za a iya tafiya ba tare da ita ba, tafiyar ce za ta fi zafi a watannin nan. Ku ba ta sati biyun, wataƙila rashin barcin da zai dawo bayan an janye ƙwayoyin ya sa ta sake shawara. Ku kuma sa ido kan ta dama. Ba kasafai ciwon ke komawa kafaɗar da ya taɓa kamawa ba, amma yakan tsallaka ɗayar cikin ƴan shekaru, kuma masu sukari sun fi fuskantar haka.

Alhaji Sani Ɗan Gulbi: Malam, ka tsorata ni. Watan nan ta hagu ta fara yi mani wani ɗan ciwo da dare in na kwanta bisanta. Ni kuma ba ni da sukari.

Dokta Nafisa: Yaushe rabonka da aunawa, Baba Alhaji?

Alhaji Sani Ɗan Gulbi: Tun gwajin tahiya Makka.

Dokta Nafisa: To gobe kada ka karya, ka wuce a auna. Cikin masu wannan ciwon kusan uku cikin goma suna da sukari, wasu kuma ta kafaɗar ake fara gano shi. In da hali a duba maƙoƙo ma. Sannan ka sa wani a gida ya yi maka gwajin da Malam ya koya wa Maman Abdul, sai dai kai hannunka na dama ba ma'auni ba ne tunda shi ma bai gama sakewa ba. Gara ka je Malam ya duba da kansa.

Habu Kabu-kabu: Malam, ni fa an yi radiyon, an ce wani ɗan ƙashi ya tsage a saman dantse. An ba ni randebu ranar Litinin da likitan ƙashi. Zan iya ci gaba da ɗaukar fasinja kafin nan?

Malam Isuhu Kine: Ka ajiye moton, Habu. Ramin hanya ɗaya ya isa ya gusar da ƙashin daga wurinsa, abin da za a ɗaure ya koma na aiki. Ka ba ƙanenka ya ja maka zuwa Litinin, ka tafi da hoton a hannunka.